Jerin Gidaje Bakwai

Wata shida na yi ina zirga-zirga tsakanin Parakou da Djougou kafin in gama rubutun nan. Ƙungiyarmu ta 'yan asalin Djougou mazauna Parakou ce ta ga ya kamata a fitar da ɗan littafi a kan gidajen fataken goro da suka kafa zangonmu, kuma da yake ni ce mai koyar da Faransanci a kwaleji, sai aka ɗora mini. Ban yi musu ba. Ina son a ce ni na yi, gaskiyar ke nan.

Kusan duk abin da ke ciki daga bakin Kawu na samo shi, yayan mahaifiyata. A lokacin idanunsa sun fara ja baya, amma kansa garau yake. Boko kam bai taɓa yi ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. In na isa ranar Asabar sai in tarar da shi a zaure, ya fasa goro, ya miƙo mini ɓari tun kafin in gama cire takalmi, ya ce, "Madam ta iso da alƙalaminta." Tsokana ce. Tun ina yarinya ni kaɗai yake fasa wa goro ya raba da ni.

Ranar da muka zo kan gidajen, sai ya gyara zama. Gidaje bakwai ne. A zangonmu, in ana suna ko ɗaurin aure ko sadakar mamaci, ba a raba goro yadda aka ga dama. Ana bin gidajen ne bi da bi, yadda kakanninsu suka iso: wanda ya fara sauke kaya shi ake fara ba, sai wanda ya sauka a wurinsa, har zuwa na bakwai. Gidan su Kawu ne na farko. Akwai kuma wani gida, na huɗu a jeri, da suka yi arziki a harkar manyan motoci, suka ɗauki shekaru suna ƙunƙuni cewa su ya kamata a fara ba. Ba su da abin kafa hujja, shi ya sa maganar ba ta taɓa wuce ƙunƙuni ba.

Kawu ya lissafa mini su da yatsu, ya sa na maimaita sau biyu. Sannan ya ce, "Ɗiyata, sauran duka ki rubuta yadda kika iya, Nasarancinku ne. Wannan kam ki jera su yadda ake raba goro. Takarda ba ta mantuwa. In ta faɗi ba daidai ba, bayan raina ita za a ji."

Na ce, "Kawu, ni za a koya wa jerin gidajenmu?"

Haka na jera su a babi na uku, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ban rubuta dalilin jerin ba, don ban ga wanda zai tambaya ba. Wa ke bayanin cewa rana daga gabas take fitowa?

Mai buga littafin ya ce ba zai taɓa shi ba sai wani masani ya duba. Aka aika wa wani farfesan tarihi a kudu, mutumin da har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Bayan sati uku shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce aikin ya dawo, in je in buɗe saƙona.

Ba ni da kwamfuta a gida a lokacin. Daga unguwarmu Titirou nake hawa zemijan, wato acaɓa, in je wani sibar, shagon intanet, kusa da kasuwar Arzèkè, ɗaki ne ƙuntatacce mai injuna shida da fanka ɗaya da ke juya zafi. Na buɗe takardar, na zauna ina kallo. Kamar an yanka kaza a kanta. Duk kalmar da ya cire tana nan da ja, an ja mata layi a tsakiya. Duk wadda ya ƙara ita ma ja ce, da layi a ƙarƙashinta. A gefen dama kuwa 'yan akwatuna ne jere tun daga shafin farko har na ƙarshe, kowanne da maganarsa a ciki, an ɗaure shi da ɗan layi zuwa wurin da yake nufi. Na ƙirga har na haura ɗari, na bari.

Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane jan biro shekara goma sha biyar. Ranar na san abin da suke ji, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Mai sibar ɗin, wata mata mai haƙuri da ke buga wa mutane takardu, ta ga na yi tagumi, ta zo ta nuna mini yadda abin yake. Ta ce gyaran bai shiga ba tukuna, yana rataye ne. Kowanne sai na tsaya a kansa in zaɓa. In na danna Accepter, abin da ya cire ya tafi, abin da ya sa ya zauna ya koma baƙi. In na danna Refuser, nawa ya dawo yadda yake. Akwatunan gefe kuma magana ce kawai, ba sa canja komai a cikin rubutun, ina iya amsa masa a nan, in an gama a share su. Ta faɗi wannan a fili, na kuma ce na gane.

Na ɗauko littafin rubutu na raba shafi gida uku: na karɓa, na ƙi, sai na tambaya. Kullum in na tashi daga makaranta sai in wuce sibar in yi awa biyu, in wuta ta yarda. Sau uku aka ɗauke ta ban adana aikin ba, na koma baya kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Gidan na karɓa ya fi yawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutumin ya iya aikinsa. Ya datse mini jimloli masu tsawon igiyar guga. Ya gano na ba da labarin jakin da ya faɗa rafi sau biyu, a babi na ɗaya da na biyar. Ya gano a shafi ɗaya na ce ayari na kwana biyu a zango, a wani shafin na ce sati. Na duba littafin da na rubuta maganar Kawu, na ga sati ya ce, ni na yi kuskure. Na danna Accepter ina cije leɓe.

Gidan na ƙi kuma, nan na sha faɗa ni kaɗai da allo. Duk inda na rubuta madugu ya soke ya sa kalmar Faransanci mai nufin shugaban ayari. Wajen sau ashirin. Madugu ba shugaba ba ne kawai, shi ya san hanya, shi ke ciniki da masu karɓar kuɗin fito, shi ke yanke inda za a kwana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna Refuser da ƙarfi har mai sibar ta ce, "Madam, linzamin ba shi ya yi miki laifi ba." Ya kuma soke sakin layi guda inda na bayyana yadda ake shimfiɗa ganye a cikin huhun goro, a yayyafa ruwa, a buɗe a hanya a tsince wanda ya fara lalacewa kada ya ɓata sauran. Ya rubuta a gefe cewa wannan ya kauce daga tarihi. Ya kauce? To da me aka ci abincin? Na dawo da shi duka.

Na gidan tambaya su ne masu cin rai. A wurare da dama alamar tambaya kawai ya sa a akwatin, ba kalma ko ɗaya. Tambayar me? Ban faɗa daidai ba ne, ko bai gane ba ne, ko kuwa hannunsa ne ya zame? A wasu wuraren ya rubuta kalma ɗaya, source, wato daga ina na samo. Daga bakin Kawu mana, daga ina kuma. Amma da na huce na ga yana da gaskiya rabi. Na koma Djougou wata Asabar na tambayi Kawu daga wa shi ya ji kowane labari, ya ce wannan daga mahaifinsa, wancan daga wata gwaggonsa da ta yi tafiyar Gwanja da ƙafarta. Na sa haka a ƙasan shafi. Kawu ya yi dariya ya ce, "Wannan malamin naku ya yi karatun allo ne? Ya san a tambayi wa ya faɗa."

Ranar Laraba ta sati na biyu na iso babi na uku. Gidaje bakwai ɗin nan duka ya ja musu layi. A ƙarƙashinsu ya sake jera su da ja, bisa haruffa, A kafin B. A akwatin gefe ya rubuta cewa jerin ba shi da wani tsari da ake gani, don haka ya daidaita shi don sauƙin mai karatu. Sunan gidan masu motoci da A yake farawa. Sun hau sama. Gidan su Kawu ya sauka na shida.

Ba shi da tsari! Mutumin da bai taɓa zama a tabarmar sunanmu ba. Na buɗe akwati a ƙarƙashin nasa na fara zuba masa. Na gaya masa yadda ake raba goro, wa ya sauki wa, abin da wannan jerin zai haifar in ya fita. Na gaya masa ba kowane tsari ne ake koyarwa a jami'a ba. Na ƙara da wasu maganganun da na goge, na sake rubutawa da ɗan ladabi, na sake mayar da rabinsu. Amsar ta fi jerin tsawo sau biyar. Da na gama na ji sanyi a raina kamar na kayar da shi a gaban jama'a. A littafina na sa babban maki a gidan na ƙi. Lokacina ya ƙare, wani na tsaye a bayana yana jiran injin, na adana na tashi.

Refuser ɗin ne ban danna ba. Na yi faɗan a gefe, na bar gyaran a rataye.

Na mayar masa da takardar da tambayoyina. Bayan kwana goma ta dawo. Abin mamaki, mutumin ba shi da girman kai. Ya bayyana alamomin tambayarsa ɗaya ɗaya, ya yarda da madugu, ya yarda da ganyen goro. A kan jerin kuma ya rubuta: Madame, kina da gaskiya, ban sani ba, na gode. Ki ƙi gyaran, kuma ki ƙara jimla ɗaya da ke faɗin cewa jerin na bin tsarin isowa ne, don kada wani ya yi irin kuskurena.

Na karanta "kina da gaskiya" sau uku. Sauran na wuce shi da ido ɗaya. Na leƙa shafin, na ga gidan su Kawu na nan a sama inda na sa shi. Da ja yake, da layi a tsakiyarsa, amma bayan sati uku ina kallon ja idona ya daina ganinsa. Na ɗauka shi da ya yarda ya janye abinsa. Na ƙara jimlar da ya ce, a saman jerin: ga gidajen nan bisa tsarin isowarsu, yadda ake raba musu goro har yau. Na ji daɗin jimlar ƙwarai.

Shugaban ƙungiya kuwa ya hana ni sakat. Ana son littafin ya fito kafin babbar Salla, lokacin da kowa ke komawa gida. Safe ya kira, yamma ya kira. Sauran gyare-gyaren da suka rage a rataye, a sanina, waƙafi ne da ɗigo da ƙananan abubuwa, wajen sittin. Duk abin da na sa a gidan na ƙi na yi masa maki, a lissafina an gama da shi. Mai sibar ta ce akwai inda ake dannawa a karɓi duk abin da ya rage gaba ɗaya, amma ta ce, "Ki bi su dai, Madam, ba su da yawa." Na ce na gaji da bin mutumin nan kamar akuya da mai dusa. Na danna. Jan ya ɓace duka a ƙiftawar ido. Na share akwatunan gefe, har da doguwar amsata. Takarda ta yi fes, baƙi da fari. Na sa a kile, wato filashi, na kai wa shugaba a shagonsa. Mai bugawa ya aiko da gwaji a duba, na duba bango, na duba sunana, na leƙa babi na ɗaya, na sa hannu.

Kwana biyu kafin Salla littattafan suka iso cikin kwali. Shugaba bai jira ni ba, ya aika da rabi Djougou a motar safe, aka rarraba wa gidajen. Ni na bi washegari da nawa guda ɗaya a jaka, na naɗe shi a ɗankwali sabo don Kawu. A mota na so in buɗe, matar da ke kusa da ni ta ɗora mini buhun doya a cinya, na fasa.

Na tarar da Kawu a zaure da baƙo. Alhajin gidan masu motoci ne, mutumin da rabonsa da zauren nan an yi shekaru. Yana riƙe da littafin, ya sa yatsa a tsakiya. Ya amsa gaisuwata da fara'a mai yawa. Ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Ilimi ke nan, ba ya son kai. Ɗana ya karanta mini jiya. 'Yar gida ce ta rubuta, ba wanda zai ce mu muka sa ta." Ya yi wa Kawu sallama, ya fita yana gyara babbar riga.

Ban gane ba.

Kawu ya ce, "Zauna. Buɗe inda gidaje suke, ki karanta mini, ki juya da Hausa."

Na warware ɗankwalin, na buɗe babi na uku. Jimlata na nan a sama, kyakkyawa, tana cewa ga gidajen bisa tsarin isowarsu, yadda ake raba musu goro har yau. A ƙarƙashinta jerin farfesa ne. Da ban ƙara jimlar ba, da sai a ce haruffa aka bi. Ni da hannuna na sa wa jerin rantsuwa.

Na san jerin gaskiya da ka. Kawu ba ya ganin shafin. Na iya karanta masa yadda ya faɗa mini, ya kwana da daɗi, kuma wallahi na yi tunanin hakan. Amma Alhaji ya riga ya zo ya tafi. Na karanta yadda yake a takardar. Da na kai na shida, ya ce in maimaita, na maimaita.

Daga cikin gida ana jin ana daka, rago na kuka a bayan katanga.

Kawu ya ce, "Wa ya juya su?"

Na ce farfesan ne. Na shiga bayani da sauri, ina faɗin ja da baƙi, da akwatin gefe, da yadda na yi masa kaca-kaca har ya ba ni gaskiya. Na ce na rubuta masa amsa mai tsawo, Kawu, da ka ji ta da ka yi alfahari da ni.

"Ya san mu?"

"Bai san mu ba."

"To ba shi da laifi. In ya juya, shi ke nan ya juyu? Ba mai cewa i ko a'a?"

"Akwai."

"Wa?"

Na ce, "Ni."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kin ci faɗan, kin bar kayan a hanya."

Bayan Salla na yi abin da ake iya yi. Na buga 'yar takardar gyara da jerin gaskiya, na zauna a shagon shugaba da gam na manna a duk littafin da ya rage a kwali. Na bi gidajen Djougou ina roƙo a ba ni nasu in manna. Biyar suka ba ni. Gidan masu motoci suka ce nasu ba ya buƙatar gyara, kuma ashe sun riga sun aika an saya musu goma a Parakou tun kafin in fara mannawa. Na rubuta wa farfesa na gaya masa, ban san dalili ba, wataƙila ina neman wanda zan raba haushin da shi. Ya amsa da ba da haƙuri, ya ce shi ba ya janye gyara da kansa, don marubuci ne ke da kalmar ƙarshe a kan rubutunsa. Wannan ma ya ƙona mini rai, don gaskiya ya faɗa.

Muddin Kawu na raye ba wanda ya taɓa tsarin rabon. Ana fara kai masa, ya karɓa, a wuce. Amma na ji an ce a wani ɗaurin aure, da mai rabo ya nufi tabarmarsa, wani daga cikin masu motoci ya ce a hankali, yadda za a ji, "A bi dai a hankali, akwai littafi." Aka yi dariya kaɗan. A da ba mai iya wannan.

Na ci gaba da zuwa duk Asabar ɗin da na samu. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Yana tambayar yarana, yana tambayar makaranta. Wata rana na zo da littafin rubutuna, don akwai labarin hanyar Nikki da ya taɓa cewa zai ba ni in an gama wancan. Na zauna na buɗe, na cire murfin biro.

Ya ji ƙarar takardar. Ya ce, "Ajiye wannan, ɗiyata. Mu yi hira kawai."

Ya laluba aljihu ya ɗauko goro, ya fasa, ya miƙo mini ɓari kamar kullum. Na karɓa. Labarin hanyar Nikki kuwa ya tafi da shi.